Yadda za a tsara wa sabon mai kula da sito wata ukunsa na farko

Tambaya: Ina da ƙaramin injin casar shinkafa a kusa da Argungu. Mutum biyu na ɗauka a bara su kula da sito, ɗaya ya ajiye aikin da kansa, ɗayan kuma na sallame shi saboda kaya ba su cika ba. Yanzu zan ɗauki na uku, amma gabana yana faɗuwa. Yaya zan tsara masa kwana casa'in na farko?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kafin ka miƙa masa makulli, ku shiga siton ku uku, kai da shi da wani tsohon ma'aikaci, ku ƙirga buhunan shanshera da na gyararriyar shinkafa da na dusa, a rubuta adadi da nauyi a littafi, kowa ya sa hannu. Wanda ya karɓi sito ba tare da wannan ƙirga ba ya gaji giɓin da wani ya bari, kuma ba shi da hujjar kare kansa ranar da aka gano.

A watan farko aikinsa koyo ne. Ka haɗa shi da mutum ɗaya tak wanda zai riƙa tambaya, ya ga yadda ake karɓar kaya daga dillalai, da yadda ake ɗora buhu a sikeli, da wanda yake da ikon ba da umarnin fitar da kaya. Wannan na ƙarshe ka faɗe shi a gaban kowa, domin a irin wuraren nan ƙanin mai gida ko ɗansa yakan zo ya ce a ba shi buhu biyar, sabon mutum kuwa yana jin nauyin neman takarda. A wata na biyu ya riƙe littafi da kansa, kuna daidaita shi da abin da ke sito duk ranar Alhamis. A na uku makulli ya koma hannunsa shi kaɗai, ƙirga kuma ta koma sau ɗaya a wata.

Abin da ya fi damuna shi ne fahimtar da nake cin karo da ita kullum a wurin masu masana'antu, wai watannin gwaji lokaci ne na zura ido a yi shiru, in ɗan halal ne zai gane hanya da kansa. Har akwai masu ba da shawarar a ɗana masa tarko, a ajiye kuɗi a kan tebur ko a ɓoye buhu a ga ko zai yi magana. Wannan ba ya nuna maka ko mutum ya iya aiki, abin da yake koya masa kawai shi ne a gidan nan tambaya abin kunya ce, sai ya riƙa ɓoye kuskure har ya girma.

Duba wannan lissafin. An kawo shanshera buhu 200 daga fadama, kowane kilo 100, danshinta kashi 20 cikin ɗari. Idan ta bushe ta sauka zuwa kashi 14, wanda shi ne daidai ajiya, kowane buhu zai koma kusan kilo 93, wato kusan kilo 1,400 sun tafi ba tare da kowa ya taɓa ko ƙwaya ɗaya ba. Wanda ba a koya masa auna danshi da rubuta shi ranar karɓar kaya ba, zai ga giɓi ya tsorata ya yi shiru, mai gida kuma ya ce sata ce. Rarrabewar ba ta da wuya: in adadin buhuna ya cika kuma ɗinkinsu bai taɓu ba, nauyi ne kawai ya ragu daidai da saukar danshi, to bushewa ce. Ban ce abin da ya faru da wanda ka sallama ke nan ba, amma da zan so ka koma ka duba littafin bara.

Saboda haka ku zauna a kwana na 30 da na 60, ka gaya masa ƙarara abin da ya yi daidai da abin da ya rage, ka kuma tambaye shi abin da ke hana shi aiki, ko sikeli ne ko 'yan dako. Kada hukuncin kwana na 90 ya zo masa ba zato.

Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya wajabta a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su wuce, amma ni a makon farko nake so a ba shi, da albashi da ranar biya da tsawon gwaji a ciki. In kuma rabuwa za a yi, sashe na 11 ya sa mafi ƙarancin sanarwa kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, da zarar ya wuce kuwa sai mako guda.