Kashi 77 ɗin nan, me zan rubuta a ƙasan hoton?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta bayanan lafiya da Hausa, mabiyana yawancinsu iyaye mata ne. Na ci karo da binciken Jami'ar Oxford kan allurar riga-kafin zazzaɓin cizon sauro mai suna R21, an ce ingancinta kashi 77 cikin 100. Na rubuta "Oxford ta gano allurar da ke kare yara 77 cikin 100 daga maleriya", sai wata ƙawata nas ta ce ba haka ba ne. Don Allah ina kuskuren, kuma yaya zan faɗe shi a taƙaice?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ƙawarki ta yi gaskiya, kuma gyaran ba wuya, amma sai mun koma cikin takardar binciken kanta mun ƙirga yaran, don sanarwar da ake rabawa 'yan jarida lambar da ta fi daɗin ji kawai take ɗagowa.

Wannan kashi 77 ya fito ne daga gwajin da aka yi a Nanoro ta ƙasar Burkina Faso, mujallar The Lancet ta buga shi a 2021. Yara 450 ne, 'yan wata 5 zuwa 17, aka raba su gida uku. Gida biyu aka yi musu R21, ɗaya da sinadarin ƙarin ƙarfi kaɗan ɗaya da mai yawa, gida na uku kuma allurar ciwon haukan kare aka yi musu don a samu abin kwatantawa. Allura uku kowane yaro ya samu, kuma an daidaita ta ne gab da lokacin da maleriya ke tashi da damina. Toh da aka duba bayan wata shida, a gidan da ya samu mai ƙarfin yara 38 cikin 146 sun yi zazzaɓin, a gidan da bai samu R21 ba kuma 105 cikin 147. Kin ga ke nan wajen yaro 1 cikin 4 a nan, wajen 7 cikin 10 a can.

Ki tsaya a kan wannan, don nan ne maganarki ta zame. Jimlarki tana sa uwa ta ɗauka cewa in an yi wa yara 100 allura, 77 sun tsira gaba ɗaya, 23 kuma allurar ba ta yi musu komai ba. Alhali lambar kwatance ce tsakanin gida biyu, tana nufin haɗarin kamuwa ya ragu da wajen kashi uku cikin huɗu in aka gwada da yaran da ba a yi wa ba. Kuma ko a cikin waɗanda ba a yi wa ɗin ai akwai 42 da ba su kwanta ba a wannan lokacin, su ba allurar ce ta kare su ba.

Akwai wani abu da zai iya rikita ki in kin ɗauki kalkuleta. In kika kwatanta 38 cikin 146 da 105 cikin 147 kai tsaye, ragin da zai fito miki wajen kashi 64 ne, ba 77 ba. Ba ƙarya masu binciken suka yi ba fa, su lissafinsu yana duba har da tsawon lokacin da yaro ya ɗauka kafin zazzaɓin farko ya kama shi, wanda ya kwanta a wata na biyar ba ɗaya yake da wanda ya kwanta a sati na biyu ba. Wannan bayanin ba zai shiga ƙasan hoto ba, shi ya sa ni na fi son a ba mutane ƙirgen yaran kawai, uwa ta san me ake nufi da yaro 1 cikin 4, ba sai an yi mata lacca ba. Su kansu masu binciken sun rubuta cewa ainihin lambar tana iya faɗawa tsakanin 67 da 84, don haka kar a riƙe 77 kamar an auna da mudu an share baki. "Wajen" ko "kusan" ta wadatar.

Sai kalmar aikatau, wadda wallahi ita ta fi ɓata irin wannan rubutun. "Kare" a kunnen mutanenmu katanga ce, babu abin da zai wuce. "Magance" da "kawar da" sun fi muni, don wannan riga-kafi ce, ba ta warkar da yaron da ya riga ya kwanta. Kalmar da binciken ya ba ki izini ita ce "rage". Kuma ki faɗi me aka rage: abin da aka ƙirga shi ne yaro ya yi zazzaɓi a gwada jininsa a ga ƙwayar cutar. Yara 450 sun yi kaɗan a ce an auna raguwar mutuwa da su, saboda haka kar ki rubuta "ta ceci rayukan yara kashi kaza" ki jingina wa wannan gwajin. Haka nan "Oxford ta gano" ta bar masu binciken Burkina Faso a waje, alhali su suka yi aikin a Nanoro ƙarƙashin Farfesa Halidou Tinto, 'yan kalmomi kaɗan ne za su ba su haƙƙinsu.

Ni da zan rubuta, ga yadda zan sa:

"Allurar R21 ta rage kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a ƙananan yara, amma ba ta hana shi gaba ɗaya ba. A gwajin da Jami'ar Oxford da masu bincike na Burkina Faso suka yi kan yara 450 'yan wata 5 zuwa 17, wajen yaro 1 cikin 4 ne ya kamu cikin wata shida a rukunin da allurar ta fi yi wa aiki, a waɗanda ba a yi musu ba kuma wajen 7 cikin 10. An buga a The Lancet, 2021. A ci gaba da kwana cikin gidan sauro, in yaro ya yi zazzaɓi a kai shi asibiti ko da an yi masa allurar."

Ki lura "amma" ɗin tana layin farko. Da gangan na sa ta can, don waya tana yanke dogon rubutu ta ɓoye sauran, kuma mai ɗaukar hoton allo ya tura wa dangi saman kawai yake ɗauka, in iyakar binciken tana can ƙasa to daidai take da babu.

In kina son lambar da ta fi sabunta, akwai babban gwajin da aka buga a 2024, yara 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya. A inda maleriya ke bin damina ingancin ya kai wajen kashi 75 cikin shekara guda, a inda take duk shekara kuma wajen 68. Wannan ya fi nauyi tunda yaran sun fi yawa kuma wuraren sun bambanta, amma ki zaɓi gwaji ɗaya ki tsaya a kansa, kar ki ɗauko yawan yaran wannan ki haɗa da kashi 77 na wancan, ina yawan ganin haka kuma yana damuna.

Abin da ya sa na matsa a kan layin asibitin nan shi ne maganar ta iso gida, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da R21 a Oktoban 2023, Najeriya kuma ta fara yi wa yara ita a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. Uwar da ta karanta "kare" za ta iya ganin jikin ɗanta ya yi zafi ta ce ai ba maleriya ba ce an yi masa allura, ta yi kwana biyu tana ba shi farasitamol. Kafin ki saki rubutun ki karanta wa wata maƙwabciya da ba ta aikin lafiya, ki tambaye ta, yaron da aka yi wa allurar nan zai iya yin maleriya? In ta ce a'a, ki koma ki gyara layin farko.