Shugabanmu ya nemi shawarar sabuwar sana'a, ni kuma ajiyar masara nake so in kawo

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shugaban ƙungiyarmu ta gama kai a nan Zariya ya rubuto wa mambobi wasiƙa, ya ce duk mai shawarar wata sana'a da za mu yi tare ya kawo a rubuce kafin babban taro. Mu sittin ne. Ina so in ce mu sayi masara da kaka mu ajiye zuwa damina. Waɗanda suka taɓa yi, me ya kamata in sa a takardar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Na riƙe ma'ajin wata ƙungiya irin taku a Sabon Gari, kuma irin wannan wasiƙa ta taɓa zagaya mu. Abin da ya dawo hannun kwamiti yawanci layi ɗaya ne ko biyu: mu sayi injin niƙa, mu yi kiwon kaji, mu ajiye hatsi, akwai riba sosai. Takarda ɗaya ce kawai ta zo da lissafi, kuma ita aka ɗauka. Saboda haka kada ka ɓata tawada wajen yabon sana'ar, kowa a ɗakin taron ya san masara takan tashi. Abin da ba su sani ba shi ne nawa ne sai ta kai kafin kuɗinsu ya dawo, kuɗin wa za a sa, kuma wa zai ce a sayar.

Kafin ka rubuta komai, koma ka sake karanta wasiƙar shugaba. Ya faɗi yawan kuɗin da aka ware? Ya faɗi daga wane asusu za a ɗebo? In bai faɗa ba, je ka same shi ko sakatare ka tambaya cikin ladabi, ba laifi ba ne. Ka kuma roƙi a nuna maka kundin dokokin ƙungiya, wanda aka yi rajista da shi a ofishin kula da ƙungiyoyin gama kai na jiha. Ƙungiyoyi da yawa an yi musu rajista ne don ajiya da ba da rance kaɗai. In taku haka take, sai babban taro ya amince a gyara dokar, a kai gyaran a yi masa rajista, sannan saye da sayarwa ya hau kan ƙa'ida. Ka rubuta wannan a takardarka da kanka, kafin wani ya tayar da shi ranar taro ya kashe maganar.

Yanzu lissafi. Farashin da zan sa misali ne kawai, kai ka je kasuwar Giwa ko Anchau ka jiyo na ranar ka maye gurbinsu. Mu ce buhu ɗari, kowanne naira 30,000, miliyan uku ke nan. La'adar dillali da 'yan dako da motar da za ta kawo Zariya, mu sa 1,500 kan kowane buhu, ya zama 150,000. Buhun ajiya mai leda biyu a ciki, wanda aka rubuta wa PICS, mu sa 2,500, ya zama 250,000. Hayar sito na wata shida 120,000, mai gadi 90,000, katakon da za a jera buhuna a kai 40,000, sai 50,000 na dako da la'ada ranar sayarwa. Duka-duka naira miliyan 3 da dubu 700.

Ga inda mutane ke mantuwa. Buhu ɗari ka zuba, amma ba ɗari za ka fitar ba. Masarar kaka tana ƙara bushewa, a sheƙe ta a cire dattin, mai saye kuma ya ce sai an cika masa buhu ya kai tiya arba'in ko ya hau sikeli ya ba da kilo ɗari. Ka ɗauka buhu uku sun tafi a ciko, saura 97. Raba miliyan 3 da dubu 700 gida 97, za ka samu kusan 38,150. Ma'ana, sai masara ta tashi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu kafin ku ga uwar kuɗinku, ba a fara maganar riba ba tukuna. Wannan adadi shi ne zuciyar takardarka, ka rubuta shi da manyan baƙaƙe.

In Allah ya sa aka sayar a 45,000, an samu 4,365,000, riba 665,000. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta ƙasa ta 1993 ta ce aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na riba ya shiga asusun ko-ta-kwana, wato dubu 166 da 'yan kai. Abin da ya rage in aka raba wa mutum sittin daidai, kowa zai tashi da kamar 8,300. Ka faɗa musu haka ƙarara, domin wasu suna jin an ce ajiyar hatsi sai su fara lissafin babur. In kuwa farashi ya tsaya a 30,000 ɗin da kuka saya, bai faɗi ba ma, kun yi asarar 790,000. Kuma wannan ba tatsuniya ba ce. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara da wasu kayan abinci na kwana 150, mutane da yawa kuma suka saye kakar shekarar da tsada suna hangen tashin da aka gani a baya, sai ga shi a 2025 farashi ya yi ƙasa maimakon sama. Akwai waɗanda har yau ba su farfaɗo ba. Duk dattijon da ke ɗakin taronku ya san wani da abin ya shafa, gara ya ji daga bakinka cewa ka yi tunanin hakan.

Maganar da ta fi damuna ita ce ta kuɗin wa za a sa. Kada ka yarda a taɓa ajiyar mambobi, wadda ake ba da rance daga cikinta. Dalili a fili yake: watan Mayu da Yuni, lokacin da masara ke jiran ta yi kuɗi, shi ne lokacin da mambobi ke layi suna neman rancen taki da kuɗin huɗa, ga kuɗin makarantar yara, ga hidimar Sallah in ta faɗo a tsakani. Na ga ƙungiyar da ta zuba ajiyar mutane a hatsi, wani manomi ya zo neman kuɗinsa na taki aka ce ya yi haƙuri suna sito. Kafin mako ya zagayo labari ya bazu cewa asusu ba kuɗi, kowa ya taso yana neman nasa, dole aka buɗe sito aka karyar da kaya a farashin da dillali ya ga dama. Ba a saci ko kwabo ba, amma zumunci ya lalace. Abin da za ka ba da shawara shi ne a buɗe hannun jari na daban don wannan sana'a kaɗai. Misali hannu ɗaya naira 10,000, ana neman hannu 370, mai so ya saya gwargwadon ƙarfinsa, ya sa hannu cewa ya san ba zai taɓa kuɗin ba sai an sayar, kuma riba da asara duka gwargwadon hannunsa ne. A sa iyaka kada mutum ɗaya ya riƙe fiye da kashi ɗaya cikin biyar, ƙuri'a kuma ta zauna yadda take a gama kai, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, komai yawan kuɗinsa. In hannu 150 kawai aka samu, a sayi buhu arba'in a gwada. Babu kunya a fara da kaɗan.

Sai kayan kansu. Masarar da ta shiga leda da danshi ta gama lalacewa, domin buhun PICS iska yake toshewa ƙwari su mutu, ba ya busar da komai. Ana so danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari ko ƙasa. In ba ku da na'urar aunawa, akwai gwajin da malaman gona ke koyarwa: sami busasshiyar kwalba, zuba masara kamar sulusinta, ƙara busasshen gishiri cokali biyu, rufe ka girgiza sosai, ka bari ta ɗan zauna ka sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, masarar ba ta bushe ba, a shanya ta a kan tamfol. Kowace leda a matse iskarta a ɗaure ta daban, a jera kan katako, a bar rata tsakanin buhuna da bango yadda mutum zai iya zagayawa da tocila, saboda ɓera ɗaya in ya huda leda aikin ya tashi a banza. Alamar matsala ita ce gari-gari a ƙasan buhu, ko ɗumi in ka sa hannu, ko warin hunhuna in an buɗe ƙofa. Masu haɗa abincin kaji, waɗanda su ne manyan masu saye, suna mayar da masara mai hunhuna saboda gubar da ke cikinta. Ƙwayar maganin ƙwarin hatsi nan mai hayaƙi kuwa, ina roƙonka kada a sa ta a sito da ke jikin ɗakin kwanan mutane, ta sha kashe iyali a cikin barci. Mu da muke da Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru a bayan gida, ba mu da uzurin yin ajiya da ka. Ku je ku nemi malami ya duba muku siton kafin ku biya haya.

Wani malamin addini a cikinku zai iya tashi ya ce wannan ɓoye abinci ne. Kada ka raina maganar, tana da tushe. Amsarta ita ce ku saya da kaka lokacin da kaya suka cika kasuwa, ku sa ranar da dole a buɗe sito, ku kuma ba mambobi damar fara saye na cin gida da ɗan rangwame.

Ranar buɗe siton nan ita ce ke raba 'yan uwa in ba a rubuta ta tun farko ba. Farashi ya kai 42,000, ɗaya ya ce a sayar, ɗaya ya ce a ƙara jira, kowa yana da dillalin da ke hura masa kunne. Ka rubuta ƙa'ida a takardarka: in farashi ya haura kuɗin da aka kashe da kashi 15 cikin ɗari, a sayar da sulusi, sulusi na biyu a watan Yuni, ragowar kuma kada ya wuce ƙarshen Yuli ko nawa ake saye, tun kafin sabuwar masara ta fara shigowa. Kwamitin mutum uku ya riƙe aikin, shugaba da ma'aji ba sa ciki don su samu bakin bincikar su, ƙofa da kwaɗo uku, kowa da makullinsa. Kowane buhu a rubuta masa lamba, kuɗin ciniki kuma mai saye ya tura asusun ƙungiya kai tsaye kafin mota ta tashi, ban da bashi ko ga surukin shugaba ne.

Duk wannan zai shiga shafi biyu. Ka miƙa wa sakatare kafin ranar da wasiƙar ta sa, ya sa maka hannu a kwafinka, ka kuma roƙi a raba wa mambobi ita tun kafin taro don masu son tambaya su zo a shirye. In ka jiyo farashin Giwa na wannan makon, turo shi nan mu sake buga lissafin tare. Allah ya sa albarka.