Na yi wa kwastomanmu ta'aziyya ta imel, ogana ya ce na zubar mana da mutunci

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki raba ni da ogana, abin nan ya tsaya min a rai sati 2 kenan ko barcin kirki bana samu. Ina aiki ne a wani kamfanin kayan sola a nan Kaduna, akwai wani Alhaji a Zariya da muka shekara 4 muna hulɗa da shi kuma ni ce nake riƙe da harkarsa, to mahaifiyarsa ta rasu ranar wata Laraba, direbanmu ne ya faɗa min washegari da safe. Wallahi Anti raina ya sosu dan mutumin kirki ne, a take na buɗe kwamfuta na nemo imel ɗinmu na ƙarshe wanda na tuna masa cikon kuɗin batura na danna Reply na rubuta masa layi 4, na ce mun ji rasuwar Hajiya Allah ya jiƙanta ya gafarta mata ya ba su haƙuri, shikenan fa abin da na rubuta. Bai amsa ba, ban damu ba na ce mai makoki ne. Ranar Litinin oga ya kira ni a gaban kowa da kowa wai Alhaji ya turo masa imel ɗin ko kalma ɗaya bai ƙara ba, ya dinga faɗa wai layi 4 ne darajar uwar Alhaji, wai na zubar wa kamfani mutunci. To ni Anti me zan rubuta, littafi? Ban san Hajiyar ba ko a hoto, ƙarya zan yi in ce uwa ce a gare mu? Kuma duk ofis ɗin nan ni kaɗai ce ma na tuna na yi ta'aziyyar, shi ogan me ya yi, amma ni da na yi ni ce mai laifi, layi 4 layi 4 har 'yan ofis sun mayar min da shi suna. Yanzu Alhaji in yana son kaya yaron shagonsa yake sawa ya kira. Ki faɗa min gaskiya, gajartar ce laifi?

Ƙanwarki daga Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni bana yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya, ban ji ta ogan naki ba balle ta Alhaji, amma maganar tsawo kam ogan ya yi kuskure. Lokacin da ɗiyar Manzon Allah SAW ta aika masa cewa ɗanta yana gargarar mutuwa, saƙon da ya mayar mata ta bakin ɗan aike bai wuce sallama da cewa na Allah ne abin da ya karɓa, nasa ne abin da ya bayar, komai a wurinsa yana da ajali ƙayyadadde, ta yi haƙuri ta nemi lada ba. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Mu ma a zaman makoki ai haka muke, a zauna a ce ya haƙuri, a yi addu'a a shafa a tashi a ba wasu wuri, wanda ya zauna yana zuba ma shi ake kallo. Mutumin da ya binne uwarsa jiya wayarsa ba ta daina ƙara ba, baƙi na ta shigowa, ba shi da idon karanta shafi guda. Kuma da kika ƙi ƙirƙiro yabon matar da ba ki sani ba kin kyauta, mai makoki yana gane yabon da aka ara.

Inda kika ji wa bawan Allahn nan ciwo daban ne, kin faɗe shi da bakinki kin wuce ko waiwaye ba ki yi ba. Reply kika danna a kan imel ɗin bashi. Ki buɗe Sent ki duba abin da ya isa wayarsa. Taken da ya fara gani a allo shi ne RE: da taken tunin cikon kuɗin batura, kafin ma ya buɗe saƙon, zuciyarsa ta riga ta ce masa mutanen nan ko kwana 3 ba su bari an yi ba sun biyo bashi. Ya buɗe ya ga addu'arki layi 4, a ƙasanta kuma ga tsohon saƙon nan zaune da adadin kuɗi da ranar biya, ƙila har da lambar akawun, dan Reply yana janyo duk abin da aka rubuta a baya ne ya jera shi a ƙasa, sannan in kamfaninku irin masu liƙa talla ne a ƙasan kowane imel to ga hoton fanel da ragin farashi a gindin Allah ya jiƙanta. Kamar ki shiga gidan rasuwa ne ki durƙusa ki yi gaisuwa da littafin bashi a buɗe a hannunki. Ni a ganina shi ya sa ya tura wa ogan bai ce uffan ba, so yake a gani da ido, shi kuma ogan ya ƙirga layuka ya bar abin da aka nuna masa. Na san ba nufinki kenan ba, adireshinsa kawai kike nema a cikin gaggawa, amma shi bai ga nufinki ba, allo ya gani.

Kuma wannan ba ke kaɗai ba ce, ku duka ma'aikatan ofis da kuke karanta shafin nan da ku nake. Imel ɗin ta'aziyya sabo ake buɗewa fil, a sa adireshin mutum ɗaya tak, ba Cc ba Reply All, ban ga dalilin da za a sa mutum 30 su zama 'yan kallon baƙin cikin wani ba, kuma in sanarwar rasuwar ta zo wa ma'aikata gaba ɗaya kada ka amsa a kanta, koma gefe ka rubuta wa mai rashin shi kaɗai. A wajen Subject a rubuta Ta'aziyya, ko Ta'aziyyar rasuwar Hajiya, ya isa. A goge tallan ƙasan nan a bar suna kawai. A tabbatar waye ya rasu kafin a rubuta, uwa ce ko kishiyar uwa ko goggon da ta riƙe shi, dan labarin direba ko maigadi yakan zo a karkace, kuma ba abin da ya kai ka yi wa mutum gaisuwar uwar da take raye muni. Maganar aiki kuwa ko da sunan sauƙaƙawa ce a kiyaye, irin su kada ka damu da maganar kuɗin nan sai ka natsu, wannan ma tuni ne aka naɗe shi da zani. In abokin aiki ne wanda ka san ayyuka na jiransa to nan kam layi ɗaya yana da amfani, ka ce rahoton ranar Juma'a na ɗauke maka, ka faɗi takamaiman abin da ka ɗauka, ya fi in kana buƙatar wani abu ka faɗa min wanda kowa ya san ba mai makokin da zai kira ya faɗa. Kwastoma kuwa a bar maganar gaba ɗaya, a je a gaya wa masu akawun su tsayar da saƙon tuni, musamman in irin wanda kwamfuta ke turawa da kanta ne duk sati.

Ga yadda naki ya kamata ya kasance, ki lura bai fi wanda kika rubuta tsawo da wani abin kirki ba:

Assalamu alaikum Alhaji. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe muka samu labarin rasuwar Hajiya mahaifiyarka. Ina miƙa ta'aziyyata da ta dukkan abokan aikina gare ka da sauran iyali. Allah ya jiƙanta da rahama, ya gafarta mata, ya sa Aljanna ce makomarta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi. Ba sai ka amsa wannan saƙon ba, in sha Allahu muna nan tafe.

Sai sunanki a ƙasa. Ko da harkar kamfaninku duk da Turanci ake yi, ga Bahaushe a ranar rashi ki yi masa da Hausa, addu'a ta fi shiga da harshen da uwar ta yi masa magana. In yaro ƙarami ne ya rasu cewa ake Allah ya sa mai ceto ne. In kwastoman Kirista ne, kuma a Kaduna ba za ki rasa su ba, ki ce Allah ya ta'azantar da ku ya ba ku ƙarfin jure rashin, kuma ki tambayi ranar jana'iza dan su sau da yawa ana ɗaukar kwanaki ko makonni kafin a yi, akwai damar kamfani ya tura wakili. Tambayar me ya same ta, ta daɗe tana jinya ne, wannan ba ta imel ba ce, in ya so faɗa zai faɗa da kansa.

Kin ga na sa muna nan tafe, da gangan na sa. A hadisin can da na kawo miki, da ɗiyar ta sake aikawa tana roƙon ya zo, tashi ya yi ya je da sahabbansa. Hulɗar shekara 4, Zariya kuma da ke nan kusa da ku tafiyar da ba ta fi awa ɗaya da 'yan mintuna ba, a ce har aka tashi daga zaman kwana 3 ba wanda ya taka daga kamfaninku, a wasiƙarki ban ga inda kika ce ko waya kin buga ba. Wannan nauyin rabinsa mafi girma na ogan ne, shi ne sa'an Alhaji, shi ya kamata ya zauna a tabarmar ƙofar gida ke ki shiga ciki wajen mata, kuma tsawar da ya yi miki a gaban mutane bai kyauta ba ko kaɗan, ina zargin kunyar rashin zuwansa ce ya sauke a kanki. Na ce ba zan goyi bayan kowa ba amma wannan sai na faɗa.

Yanzu kada ki sake tura wani imel ɗin na ban haƙuri, zai zama rubutu a kan rubutu. Ki buga wancan a takarda yadda yake da takensa da abin da ke ƙasansa, ki shiga ofishin oga ku biyu kawai ki ajiye masa ki ce ranka ya daɗe na gano inda na yi kuskure, ga shi nan, kuma ina ganin ya kamata mu je Zariya. Ku je cikin satin nan, sati 2 bai yi latti ga wanda bai samu zuwa ba. In kun isa ku yi gaisuwa ku yi addu'a tukuna, sai can da za ku tashi ki ce Alhaji saƙon da na turo a kan tsohuwar takarda na ɗora shi cikin gaggawa, kuskurena ne ka yafe ni. Iyakar abin da za ki faɗa kenan, kada ki shiga bayanin kwamfuta, kada kalmar batir ko ciko ta fito daga bakin ɗayanku ko da shi ya taso da ita, ku ce ba ita ta kawo mu ba. In oga ya ƙi zuwa ki nemi izini ke ki je da wata abokiyar aikinki ku shiga wajen iyalinsa, direban nan da ya kawo miki labarin ai ya san gidan.

Allah ya jiƙan Hajiya.

Antinku