Lemun tsami a rabin duro: duba saiwa kafin ka ƙara taki

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina da lemun tsami a cikin rabin duro a gidana a Agege, shekararsa huɗu. Da yana 'ya'ya sosai, yanzu ganyen sai rawaya yake yi, fure na zubewa. Na ƙara taki, babu canji. Ina mafita?"

Wa'alaikumus salam. Malam, ka dakata da takin nan tukuna. Gobe da safe ka zuba masa bokiti ɗaya na ruwa, ka tsaya ka gani. In nan take ruwan ya biyo gefen duron ya fito ta ƙasa, sannan ka tura yatsa tsakiya ka ji ƙasar a bushe, to saiwa ce ta cika mazubin. Ƙasar da za ta riƙe ruwa da taki ta ƙare, shi ya sa duk abin da ka zuba wucewa yake yi, ko ya taru ya ƙona bakin ganye.

Haka nawa ya yi min a Idi-Araba. Da na kwantar da duron muka zaro shi ni da yarona, saiwar ta naɗe ta zagaye kamar gammo, har ta toshe hujojin ƙasa.

Ga yadda nake yi duk bayan shekara biyu ko uku, a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, dab da damina ta kankama. Ina ba shi ruwa ana gobe aikin don dunƙulen ya fito cikin sauƙi. Da wuƙa mai kaifi wadda na wanke, sai in yanke kamar kaurin yatsu biyu a duk kewayen, da kamar yatsu uku a ƙasa. Kada abin da ka cire ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu, kuma kada ka taɓa manyan saiwoyin da ke manne da gindi. Lafiyayyar saiwa fara-fara ce ko mai ruwan ƙasa-ƙasa, da ƙarfi a hannu. Wadda ta yi baƙi, ta yi taushi, ɓawonta na saɓulewa in ka ja, ta ruɓe, cire ta duka.

Sabuwar ƙasar nakan haɗa ƙasa mai kyau kashi biyu, yashi mai tsakuwa kashi ɗaya, kashin kaji da ya ruɓe sarai kashi ɗaya, da ɗan dakakken gawayi. Ka mayar da itacen daidai zurfin da yake a da. In mai aure ne, wato an haɗa reshen wani lemu a kan gindinsa, kada ƙasa ta rufe wurin auren. Sai ka rage rassa gwargwadon saiwar da ka yanke. A karon farko ni tausayin ganyen na ji na bar shi, cikin sati ɗaya ya zubar da kusan rabi da kansa. A ajiye shi a inuwa sati biyu, kuma babu takin zamani sai bayan sati biyar ko shida, lokacin da ka ga sabon toho.

Taki kuwa kaɗan-kaɗan ya fi. Kamfa, wato NPK 15-15-15, babban cokali biyu duk sati shida ya ishi rabin duro. A barbaɗa ta gefen mazubi nesa da gindi, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, a bi da ruwa. In an shiga rani sosai sai a tsaya.

Ruwa ne inda Legas ke yaudarar mutanenmu da suka saba da Arewa. A Yuni da Yuli ruɓewa ce abin tsoro, ba ƙishi ba. Ɗora duron a kan bulo uku, ka tabbata hujojin a buɗe suke. In ka ga ganye ya yi laushi alhali ƙasa a jiƙe take, kada ka ƙara ruwa, saiwa ce ta shaƙe. A Agusta ruwa kan ɗan ɗauke, mutum ya sakankance ana damina, itace na can yana bushewa, musamman in a kan siminti yake. Daga Disamba zuwa Maris nakan ba shi ya ƙoshi, har ya ɗigo ta ƙasa, sannan in jira sai saman ya bushe tsawon gaɓar yatsa biyu, yawanci kwana biyu ko uku.

Wani abu kuma, lemu yakan yi fure ne bayan ya ɗan sha ƙishi sannan ya sami ruwa. A Fabrairu nakan janye ruwa kamar kwana bakwai zuwa goma, da ganye ya fara naɗewa sai in ba shi sosai. Da fure ya fito kuma, kada ƙasar ta sake bushewa ƙayau, nan ne yake zubewa. Amma bana kada ka gwada wannan, bar shi ya murmure daga wuƙa tukuna, kuma in ya ɗauki 'ya'ya da yawa ka tsinke rabi.

In ruwan burtsatsenku yana da ɗan gishiri, tari na sama a ajiye masa, don lemu ba ya jure gishiri. In ka zaro shi, turo mana hoton saiwar kafin ka sa wuƙa.