Lissafi ya ba ni 5200, bango kuma ya nuna rabin santimita

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na haska jar leza mai nanomita 650 ta tsaga biyu masu tazarar milimita 0.25, bango yana nesa da mita 2. Excel ya ba ni 5200, amma tazarar ɗigon hasken a bango kusan rabin santimita ce. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, kwamfutarka lafiya lau take, ma'aunai ne ka cakuɗa. Ƙa'idar ita ce Δy = λL/d, wato ka ninka tsawon zangon haske da nisan bango, ka raba da tazarar tsagogin. Sai dai dole ne duka ukun su kasance a ma'auni ɗaya. Kai kuwa ka ba Excel nanomita da mita da milimita a haɗe, shi kuma lamba kawai yake gani. Mayar da komai mita:

```
=650E-9*2/0.25E-3
```

Zai ba ka 0.0052, wato milimita 5.2, daidai da abin da idonka ya gani. Ita ma 5200 ɗin ba ƙarya ba ce, a maikuromita ta fito.

Dalilin ƙa'idar shi ne, hasken tsagogin biyu yana ƙarfafa juna a duk inda tafiyar ɗaya ta fi ta ɗayan da cikakken zango ɗaya, ko biyu, ko uku. Idan tsagogin suka matso kusa da juna, sai an ƙara matsawa gefe kafin a sami wannan bambancin, shi ya sa ɗigogin ke ƙara warewa. Rage d zuwa rabi, tazarar ɗigogin ta koma milimita 10.4. Koriyar leza mai nanomita 532 kuwa za ta matse su zuwa kusan 4.3. Ƙa'idar tana aiki ne muddin ɗigogin da kake aunawa suna kusa da tsakiya idan aka kwatanta da nisan bangon.

Inda na fi so ka kula shi ne d. Ana auna ta daga tsakiyar tsaga zuwa tsakiyar ɗayar, ba faɗin tsagar ba. Faɗin aikinsa daban, shi ke sa ɗigogin dusashewa yayin da suke nisa da tsakiya. Idan faɗin kowace tsaga milimita 0.05 ne, d ta ninka shi sau biyar, don haka ɗigo na biyar a kowane gefe zai ɓace. Wanda bai sani ba sai ya tsallake gurbin, ƙirgensa ya lalace.

Kada ka auna tazara ɗaya tak. Ɗauki daga ɗigo na huɗu na hagu zuwa na huɗu na dama: ɗigo tara ke nan amma tazara takwas, kusan milimita 41.6, sai ka raba da takwas.

In da waya za ka ɗauka, manna rula a bango, ka tsaya saiti, ka rage hasken kyamarar har ɗigogin su rabu, don in ya yi yawa sai su haɗe su zama layi ɗaya. Kuma kada lezar ta shiga ido ko kyamara kai tsaye.