Murabaha da bashin ruwa: ina bambancin?

"Babur na dubu 600 ne. A murabaha za a sayar min dubu 720, in biya cikin wata 12. Bankin ruwa ma dubu 720 zan biya. To ina bambancin?"

Murabaha ita ce banki ya sayi kaya ya sayar maka da ribar da kuka amince a kai. Idan ba ka saɓa lokaci ba, aljihunka ba zai ji bambanci ba: dubu 60 duk wata. Sai ranar da ka makara ake gane shi. Ruwa yana ci gaba da hauhawa kan abin da ya rage, amma farashin murabaha ya tsaya cak, ko an ci tararka sadaka ake yi da ita. Sai dai in ka biya da wuri, rangwame ba dole ba ne, ganin damar bankin ne.

Kafin ka sa hannu, tabbatar bankin ya mallaki babur ɗin tukuna. In kuɗi kawai suka miƙa maka, sunan ne ya canza.