Sanarwar rediyo da Sakkwatanci: me zan gaya wa mai rubutu?

"Na ba da aikin rubuta sanarwar rigakafi don mutanenmu na Gwadabawa, sai aka kawo mini Hausar Kano. Yaya zan nemi irin tamu?"

Malam, idan ka ce "Hausa" kawai, Daidaitacciya za a ba ka, ita kuwa Kananci ne ginshiƙinta. Ambaci sunan garin, ka ce da kunne za a ji saƙon. Sannan ka tura wa marubucin muryar wata dattijuwa ta minti 2 tana hira, ya saurara.

In ya kawo aikin, duba jimla ɗaya. Bakano zai ce "yaran da suka zo suka zauna", ku kuwa "sunka zo sunka zamna" kuke cewa. Haka "shi ne" zai koma "shi na", "ita ce" ta zama "ita ta". Masu kwaikwayo sukan mayar da "fari" zuwa "hwari" su bar sauran nahawun na Kano, kuma mai sauraro nan take yake gane ba ɗan gida ba ne.

Tunda maganar lafiya ce, kafin a naɗa, ma'aikacin asibiti ɗan yankin ya karanta sunayen cututtuka da shekarun yaran da za a kawo.